Yadda Ake Auna Nisan Tauraro Ba Tare Da An Je Can Ba

 

Kwanakin baya muna hira bayan karatu, sai wani dattijo ya yi mini tambaya. Ya ce: "Mushe, ka ce tauraro kaza yana da nisa kaza. Wa ya kai igiya can ya auna?" Mutane suka yi dariya, amma ni ban yi ba, don tambayar tana kan hanya. Babu wanda ya taɓa zuwa wurin tauraro. Babu igiyar da za ta kai. Duk da haka an auna. Yau zan nuna muku dabarar daki-daki. Za ku ga cewa farkonta yana jikinku, kuma wanda ya iya rabawa zai iya yin lissafin da kansa.

Mu fara da ɗan yatsa

Kowa ya miƙa hannunsa gaba, ya ɗaga babban yatsa. Ku dubi bango, ku zaɓi wata alama, ko ƙusa ko bakin taga. Ku rufe idon hagu, ku duba da na dama. Yanzu ku rufe na dama, ku buɗe na hagu. Me kuka gani? Yatsa ya yi tsalle. Ɗazu yana wannan gefe na alamar, yanzu ya koma wancan. Alhali ba ku motsa hannu ba.

To, ku matso da yatsan kusa da hanci, ku sake. Tsallen ya ƙaru ƙwarai. Ku mayar da shi nesa, tsallen ya ragu.

Dalili shi ne idanunku biyu ba wuri ɗaya suke ba. Tsakaninsu akwai kimanin santimetir 6. Kowane ido yana ganin yatsan daga wurinsa. Wannan tsalle masana suna ce masa faralakis. Mu a nan za mu riƙa ce masa gociya, don abin kamar ya goce ne daga inda yake. Ku riƙe magana ɗaya: abu na kusa gociyarsa babba ce, abu na nesa gociyarsa ƙarama ce. Idan mun auna gociya, mun kama hanyar sanin nisa.

Itacen ƙarshen gona

Idanu sun yi kusa da juna, ba za su isa ga abu mai nisa ba. Sai mu faɗaɗa tsakani da ƙafafunmu.

Ga abin da muka yi da ƴan ajinmu wata ranar kasuwa. Akwai wani itacen gawo can ƙarshen gonaki, bayansa kuma, nesa ƙwarai, akwai dutse. Na kafa turke, na tsaya a kansa, na dubi gawon. Ya yi daidai da wata tsaga a kan dutsen. Sai na auna metir 10 da igiya zuwa gefe, ba gaba ba, ba baya ba, na kafa turke na biyu. Daga nan na sake dubawa. Gawon ya bar tsagar, ya goce.

Da me za mu auna wannan gociya? Ba da metir ba. Da kusurwa ake auna ta, wato buɗewar da ke tsakanin layi biyu da suka tashi daga ido. Idan mutum ya juya a tsaye har ya komo inda ya fara, an ce ya yi digiri 360. Digiri ɗaya ba shi da yawa. In kun miƙe hannu sosai, faɗin ƙaramin yatsanku yana rufe kimanin digiri ɗaya. Da na gwada, gawon ya goce da faɗin ƙaramin yatsa biyu, wato digiri 2.

Yanzu ga ƙa'idar. Turke biyu da gawon sun yi siffa mai kusurwa uku, doguwa, siririya. Gindinta shi ne metir 10 da ke tsakanin turakan. Masu lissafi sun daɗe da sanin cewa in kusurwar da ke can ƙarshe digiri ɗaya ce, to tsawon siffar ya ninka gindinta kimanin sau 57. In digiri 2 ce, sai a raba biyu. In digiri 3 ce, a raba uku.

Mu yi lissafin tare. Metir 10 sau 57 ya ba da 570. A raba da 2, ya ba da 285. Ke nan gawon yana nisan metir 285, kuma ba mu taka gonar kowa ba.

Amma yaran ba su yarda ba. Suka ɗauki igiya suka auna har gindin gawon, suka samu metir 270 da ɗan kai. Suka dawo suna murna sun kama mushe. Ina kuskuren ya fito? Wani sashe daga yatsana ne, don yatsa ba ma'auni ba ne na ƙwarai. Amma akwai wani dalili da ya fi wannan. Na ɗauka dutsen ba ya gocewa. Alhali shi ma yana gocewa kaɗan, tun da nisansa kimanin kilometir 5 ne kawai. Gociyarsa ta cinye wani abu daga gociyar gawon. In an mayar da abin da ta cinye, kusurwar ta zama digiri 2 da kashi ɗaya cikin goma, lissafi kuma ya sauko wajen metir 271. Ku ajiye wannan a ranku, za mu sake gamuwa da shi a sama.

Gindin da ya isa taurari

Da wannan dabara aka auna nisan wata. A shekarun 1751 da 1752 wasu masana biyu Faransawa suka raba aiki, ɗaya a birnin Balin na Jamus, ɗaya a ƙarshen kudancin Afirka. Suka riƙa duban wata a dare ɗaya, suka gwada gociyarsa. Yau mun san nisansa kimanin kilometir dubu 384 ne.

Ga taurari kuwa, duniya dukanta ta yi kaɗan. Faɗinta kilometir dubu 12 da 700 ne. Ko ka tsaya a wannan gefe, abokinka a wancan, tauraro ba zai nuna muku gociyar da za ku iya gani ba. Kamar idanu biyu ne suna duban dutse mai nisa.

To ina za a samu gindi mai faɗi? Duniya da kanta take ba mu shi, kyauta. Duniya tana zagaya rana sau ɗaya a shekara. Tsakaninta da rana kimanin kilometir miliyan 150 ne. Ku tuna saniyar da aka ɗaure a turke tana kewaya shi. In yanzu tana gabas da turken, bayan rabin kewaye tana yamma da shi, tsakanin wuraren biyu kuma tsawon igiya biyu ne. Haka duniya. Inda muke yau da inda za mu kasance bayan wata shida, tsakaninsu kilometir miliyan 300 ne. Turke na farko yau, turke na biyu bayan wata shida. Aikin mai awo shi ne haƙuri.

Dutsen bayan gawo fa? A sama, taurari masu nisa ƙwarai su ne dutsen. Kusa da kowane tauraro mai haske, madubin hangen nesa yana nuna wasu ƙanana masu dishi-dishi. Yawancinsu sun fi shi nisa sau ɗaruruwa. Da su ake gwada shi.

Sai dai gociyar ƙanƙanuwa ce har digiri ya yi mata girma. Don haka aka raba digiri ɗaya kashi 60, aka ce wa kowane kashi minti. Aka raba minti kashi 60, aka ce wa kowane kashi daƙiƙa. Kada ku ruɗe, waɗannan ba minti da daƙiƙa na agogo ba ne, suna kawai suka tara. Digiri ɗaya daƙiƙa 3600 ne. Wata in ya cika, faɗinsa kimanin daƙiƙa 1800 ne. Daƙiƙa ɗaya kuwa, ku ɗauki kuɗin ƙarfe na dala ashirin, ku ba yaro ya kai shi nisan kilometir 5 ya ɗaga. Girman da za ku gan shi, in da ido zai iya, shi ne daƙiƙa ɗaya.

Kuma babu tauraro ko ɗaya, ban da rana, da gociyarsa ta kai daƙiƙa ɗaya cikakkiya. Shi ya sa abin ya gagari mutanen da. Akwai wani gwani mutumin Danmak, Tiko Barahe, wanda ya rasu a 1601. Ya yi shekaru yana awon taurari da ido, kafin a ƙera madubin hangen nesa. Ya nemi gociya bai gani ba, sai ya ce ashe duniya ba ta motsi. Ni ban ga laifinsa ba. Hujjarsa mai kyau ce, kayan aikinsa ne ba su kai ba. Awonsa yana tsayawa wajen minti ɗaya, abin da yake nema kuwa bai kai kashi ɗaya cikin 60 na minti ba.

Sai a 1838 wani Bajamushe mai suna Besel ya ci nasara. Ya zaɓi wani tauraro mai dishi-dishi da ake kira Sigini 61. Me ya sa shi? Don an lura yana tafiya a sama da sauri fiye da sauran. Besel ya yi tunani irin na mai kiwo: raƙumin da ka ga yana ƙetare gabanka da sauri, mai yiwuwa shi ne na kusa. Ya bi shi sama da shekara guda. Ya samu gociya kashi 314 cikin dubu na daƙiƙa. Awon yau ya ba da 286. Bai yi nisa da gaskiya ba.

Mu auna tauraro ɗaya tare

Mu ɗauki tauraron da kowa zai iya gani. A watan Janairu, lokacin ɗari, ku fita bayan isha'i. Kaza da ƴaƴanta tana kusan bisa kai. Daga nan ku sauko da ido wajen kudu maso gabas, za ku ga taurari uku a jere kamar an ja layi. Ku bi layin nan ƙasa, za ku tarar da wani tauraro fari mai walƙiya, wanda ya fi duk taurarin dare haske. Larabawa suna ce masa Shi'ira, a littattafan boko Siriyus. Kada ku haɗa shi da Zara ko Gamzaki. Wannan ba tauraro ba ne irin su, wata duniya ce mai zagaya rana kamar tamu.

Mataki na farko, zaɓen lokaci. Wani zai ce: in na gan shi tsakar dare yau, bayan wata shida ai da rana zai fito, yaya zan gan shi? Gaskiya ne. Shi ya sa ba a awon a lokacin da yake tsakiyar sama da tsakar dare. Ana jira sai farkon Afrilu, da bazara, lokacin da ake ganinsa da magariba. Sa'an nan a sake a farkon Oktoba, da kaka, lokacin da ake ganinsa da asuba. A waɗannan lokatai biyu ne tafiyar duniya take gicciye layin da ke tsakaninmu da shi, kamar yadda na taka gefe a gona. Nan gociya ta fi girma.

Mataki na biyu, a ɗauki hoto da madubin hangen nesa a Afrilu. A cikin hoton a zaɓi taurari ƙanana da yawa kewaye da shi. A auna tsakaninsa da kowannensu. Mataki na uku, a Oktoba a sake hoto da madubin nan dai, a sake awo da taurarin nan dai. Sa'an nan a gwada hotunan biyu. Ƙananan suna nan inda suke, babban ya goce.

Bayan an yi gyare-gyaren da zan faɗa muku nan gaba, gociyar Siriyus tsakanin Afrilu da Oktoba ita ce kashi 758 cikin dubu na daƙiƙa. Masana sun yi yarjejeniya su riƙa raba wannan biyu. Wato su ɗauki rabin gindi, daga duniya zuwa rana, da rabin kusurwa. Amsar ba ta canzawa. A gonarmu, metir 5 da digiri ɗaya shi ma 285 zai ba da. Rabin 758 shi ne 379. Wannan lamba ita ce za ku gani a littafi in an ce faralakis na Siriyus: daƙiƙa 0,379. Ita ce girman dala ashirin ɗin nan a nisan kusan kilometir 14.

Mataki na ƙarshe, lissafi. A gona mun ce digiri ɗaya yana nufin gindi sau 57. Daƙiƙa ta fi digiri ƙanƙanta sau 3600, don haka daƙiƙa ɗaya tana nufin gindi sau dubu 206 da ƴan kai. Wannan nisa, wato nisan rana sau dubu 206, an ba shi suna farsek. An ƙirƙiro shi ne don lissafi ya yi sauƙi. Tauraro mai gociyar daƙiƙa ɗaya yana nisan farsek ɗaya. Mai rabin daƙiƙa yana farsek 2. Mai kashi ɗaya cikin goma yana farsek 10. Ƙa'idar ke nan: a raba dubu da yawan kashin da aka samu.

Ku ɗauki alli. Dubu a raba da 379. Sau 2 ya ba da 758, saura 242. In kun ci gaba za ku samu 2,64. Siriyus yana nisan farsek biyu da kusan kashi biyu cikin uku.

Wannan lamba ba ta gaya wa zuciya kome ba tukuna. Mu juya ta. 2,64 sau dubu 206 ya ba da kimanin dubu 544. Wato Siriyus ya fi rana nisa sau dubu 544. Ku ɗauka tsakaninmu da rana metir ɗaya ne kawai, taki ɗaya mai faɗi. To Siriyus yana kilometir 544. In kun tsaya a Maraɗi, rana tana gaban ƙafarku, shi kuwa yana can Yamai, in an bi miƙe yadda tsuntsu ke tashi. A kilometir na gaske, ya wuce miliyar dubu 81.

Akwai wani ma'auni da za ku fi ji a rediyo, shekarar haske. Haske yana gudun kilometir dubu 300 a daƙiƙa ɗaya ta agogo. Daga rana zuwa nan yana yin minti 8 da ɗan abu. Tafiyar da yake yi a shekara guda ita ce shekarar haske, kuma farsek ɗaya shekarar haske 3,26 ne. Sai mu ce 2,64 sau 3,26, ya ba da 8,6. Hasken Siriyus da za ku gani ya baro can shekara takwas da rabi da suka wuce. Yaron da aka haifa ranar da ya taso, yau yana lakwal.

Wanda yake son ya gwada hannunsa, ga aiki. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana shi ne Furokzima Santori, ido ba ya ganinsa. Gociyarsa kashi 768 ce. Ku raba, ku ninka. In kun samu farsek 1,3 da shekarar haske 4 da kusan kwata, kun yi daidai.

Inda awo ke ɓacewa

Na ce akwai gyare-gyare. A nan ne aikin yake, don hoto biyu kaɗai ba su taɓa isa ba.

Babbar matsala ita ce taurari ba a kafe suke ba. Kowanne yana tafiyarsa. Siriyus yana matsawa kimanin daƙiƙa 1,3 kowace shekara. Ku lura, wannan ya fi gociyar da muke nema. Kamar gawonmu ne ya tashi yana tafiya lokacin da nake zuwa turke na biyu. Yaya za a raba tafiyarsa da tamu? Da hoto na uku. Gociya zuwa da dawowa ce. In Afrilu ya zagayo, duniya ta komo turkenta na farko, gociya ta koma babu. Tafiyar tauraro kuwa ba ta dawowa, gaba take yi. Don haka in an ɗauki hoto a Afrilun baɗi aka ga bai koma wurinsa na bara ba, wannan bambanci tafiyarsa ce ta shekara. A raba ta biyu, a cire daga awon wata shida. Abin da ya rage shi ne gociya.

Siriyus ma ya ƙara da nasa. Yana da abokin tafiya ƙarami, suna zagaya juna cikin shekara 50, don haka hanyarsa ba miƙaƙƙiya ba ce, tana ɗan lanƙwasa. Besel ɗin nan ne ya gane haka a 1844, tun ba a ga abokin ba. Sai a 1862 aka gan shi. Shi ya sa masu awo suke bin tauraro shekaru da yawa, da hotuna masu yawa.

Sai iska. Walƙiyar da kuke gani tauraro yana yi, ba shi ke yi ba, iskar da ke bisa kanmu ce take kaɗa haskensa, kamar yadda hanya ke rawa da tsakar rana a bazara. A hoto, tauraro yakan zama tabo mai faɗin daƙiƙa ɗaya ko fiye. Ana neman tsakiyar tabon, a auna sau da yawa, a ɗauki matsakaici. Iska kuma tana karkata haske. Amma da yake tana karkata na babban tauraron da na maƙwabtansa kusan daidai, awon tsakaninsu ba ya lalacewa sosai.

Sai kuma dutsenmu. Ƙananan taurarin da ake gwadawa da su, su ma suna ɗan gocewa. In an manta da wannan, gociya za ta fito ƙasa da gaskiya, tauraro ya yi kamar ya fi nisa, daidai yadda na samu 285 maimakon 271. Yau ana dogara da wasu fitilun sama da ake kira kwazar, waɗanda ke can wajen tarin taurarinmu, nesa har gociyarsu ba ta aunuwa.

Dabarar kuma tana da iyaka. Ku ɗauka kuskuren awonku kashi 10 ne cikin dubu na daƙiƙa. Ga Siriyus mai 379, wannan ba kome ba ne, bai kai 3 cikin ɗari ba. Amma ga tauraro mai gociyar kashi 20, kuskuren rabin awo ne. Gociyar tana iya zama 10, tana iya zama 30. Nisan yana iya zama farsek 100, yana iya zama 33. Wannan ba awo ba ne, ƙiyasi ne. Wani lokaci ma lissafi yakan fito ƙasa da sifiri, abin da ba ya yiwuwa. In an ga haka, an san kuskure ya rinjayi gociya. Don haka duk wanda ya ba ku lambar gociya, ku tambaye shi girman kuskurenta.

Don a tsere wa iska aka kai ma'auni sama. Hukumar sararin sama ta ƙasashen Turai ta harba kumbo mai suna Hifarkos a 1989. Ya yi aiki har 1993, ya auna taurari kimanin dubu 118, kuskurensa wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A 2013 ta harba wani mai suna Gaya, ba Gayarmu ta bakin kogi ba. Ya yi awo har farkon 2025. Sakamakon da aka fitar a 2022 yana ɗauke da gociyar taurari kusan miliyar ɗaya da rabi. Ga masu matsakaicin haske, ya fi Hifarkos kyau sau 30 ko fiye.

Rigimar Kaza da ƴaƴanta

Zan ba ku labarin da ya nuna cewa ko kumbo yana kuskure, da yadda ake kama shi. A kan Kaza da ƴaƴanta ne, wadda manoma suka sani tun kaka da kakanni. Ido yana ganin shida ko bakwai, amma taurari ne fiye da dubu, an haife su tare, suna tafiya tare.

Kafin Hifarkos, masana sun ƙiyasta nisanta ta wata hanya. Sun gwada launi da hasken taurarinta da na wasu irinsu da ke kusa, waɗanda aka riga aka san nisansu. Kamar ka san ƙarfin fitilar aci-balbal, ka ganta can da dare, ka ce tana nisa kaza. Suka samu wajen farsek 130 zuwa 135. Da sakamakon Hifarkos ya fito a 1997, sai ya nuna ƙasa da haka ƙwarai. Aka sake lissafinsa a 2007, ya tsaya a farsek 120.

Bambancin a gociya ƙanƙani ne. Dubu a raba da 120 ya ba da kashi 8,3. Dubu a raba da 136 ya ba da kashi 7,4. Kashi ɗaya kacal cikin dubu na daƙiƙa. Gociyar Kaza dukanta kamar dala ashirin ce da aka ɗaga a Damagaram ana dubanta daga Yamai. Amma abin da ke cikin rigimar babba ne. In Hifarkos ne ke da gaskiya, to taurarin Kaza ba su kai hasken da ya kamata irinsu su yi ba, ke nan abin da aka sani a kan yadda taurari ke ci da wuta yana da gyara. Kuma da wannan sani ne ake auna taurari masu nisa, waɗanda gociya ba ta kai gare su ba.

Ba a raba gardamar da baki ba. Aka koma aka auna da wani kayan aiki daban. A 2014 wasu masana suka haɗa manyan faifan kama sautin rediyo da ke warwatse a ƙasashe, suka bi wasu taurarin Kaza, suna gwada su da kwazar. Dabarar gociya ce dai, amma babu abin da ya haɗa kayansu da na Hifarkos. Suka samu farsek 136. Daga 2016 sakamakon Gaya ya fara fitowa, shi ma ya faɗa wajen nan.

Me ya sami Hifarkos? Ya auna taurarin Kaza fiye da 50, an ɗauki matsakaici, an zaci kurakurai za su cinye juna, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa. Amma taurarin suna cunkushe a wuri ɗaya a sama, kumbon yana ganinsu a lokaci ɗaya. Bayanin da yawancin masana suka karɓa shi ne kuskure iri ɗaya ya hau kansu duka. In tiyarka ta gaza, ko sau ɗari ka auna hatsi da ita, buhun ba zai cika ba. Sai ka aro tiyar maƙwabci kafin ka gane.

Yanzu ku yi na ƙarshe da kanku. Farsek 136 sau 3,26 ya ba da kimanin 443. Hasken Kaza da ƴaƴanta da za ku gani bayan isha'i ya yi shekara 440 da ƴan kai a hanya. A ma'auninmu na metir ɗaya tsakanin duniya da rana, inda Siriyus yake Yamai, ita tana kilometir dubu 28.

Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu. Baba, kai da ka tambayi igiya, da kai za mu fara.